Gargaɗin Fuska da na Sauya Shafi a Jarrabawar Intanet: Ma'anarsu da Abin da Ɗalibi Zai Yi

Ɗalibai da yawa a nan Damagaram yanzu suna rubuta jarrabawa daga ɗakunansu. Wasu suna karatu daga nesa da jami'o'in waje, wasu suna neman takardar shaidar iya Turanci don gurbin karatu, wasu kuma gwajin ɗaukar aiki ne. Kusan duk waɗannan jarrabawowin akwai manhajar sa ido a cikinsu, kuma saƙo biyu ne suka fi tsinka wa ɗalibi zuciya. Na farko shi ne mai cewa ba a ga fuskarsa ba, wanda kan fito a allo da kalmomi irin su "Face not detected" ko "Visage non détecté". Na biyu shi ne mai cewa ya bar shafin jarrabawa ya leƙa wani wuri.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, a mafi yawan tsare-tsare wannan gargaɗi ba hukunci ba ne. Manhajar kamar maigadi take da littafinsa a bakin ƙofa: yana rubuta cewa ƙarfe kaza wani ya fita, ƙarfe kaza ya dawo, amma ba shi ke yanke ko laifi aka yi ba. Mai yankewa mutum ne, malami ko ma'aikacin hukumar jarrabawa, wanda zai buɗe bidiyonka daidai wannan minti ya duba. Don haka abin da ka aikata a minti ɗayan da ya biyo bayan gargaɗin ya fi gargaɗin kansa nauyi.

Fara da sanin irin tsarin da ka faɗa

Na ce mafi yawan tsare-tsare, ban ce duka ba, kuma nan ne wasu ke cin tuntuɓe. Akwai tsarin da ke ɗaukar bidiyo da allo, ya sa alama a wuraren da bai gamsu da su ba, sai bayan an gama malami ya duba. Haka manhajojin sa ido irin su Proctorio da Respondus Monitor suke aiki. Akwai wanda mutum ne zaune yana kallonka kai tsaye, kamar yadda ake yi a jarrabawar Turanci ta TOEFL da ake rubutawa daga gida, kuma yana iya yi maka magana ko ya dakatar da kai nan take. Sai na ukun, wanda shi ya fi haɗari ga mai gaggawa: shafin da aka saita ya riƙa ƙirga, idan ka kai adadin da aka ƙayyade ya rufe jarrabawar ya miƙa amsoshinka yadda suke. Wannan adadi masu jarrabawar ne ke sa shi, ba doka ɗaya ba ce ga kowa. Wani wuri sau uku ne, wani wuri sau ɗaya tak.

Saboda haka matakin farko ba a gaban kamara yake ba, a takardar ƙa'idoji yake. Karanta ta kwana biyu ko uku kafin ranar, kana neman amsar tambayoyi huɗu: mene ne ke faruwa idan gargaɗi ya maimaitu, an yarda da takardar zayyana lissafi ko ba a yarda ba, an yarda ka yi magana da murya ko a'a, kuma wa za ka tuntuɓa idan na'ura ta ba da matsala. In takardar ba ta faɗa ba, ka rubuta wa malamin ka tambaya, ka ajiye amsarsa.

Me ake nufi da cewa ba a ga fuska ba

Manhajar tana ɗaukar hoton da kamara ke bayarwa, tana neman siffar fuska a ciki: idanu biyu, hanci, baki, da bambancin haske da duhu da ke tsakaninsu. Ba tambayar wane ne kai take yi a wannan lokacin ba, wancan tantancewar da katin shaida ake yin ta tun farko. Tambayarta kawai ita ce, akwai fuska a wannan hoton ko babu? Idan ta yi wasu daƙiƙoƙi ba ta samu ba, sai ta rubuta. Ba ta san dalili ba. Wanda ya tashi ya tafi tambayar amsa da wanda ya sunkuya yana lissafi a takarda, duk abu ɗaya take rubuta musu.

A garinmu babban mai jawo wannan shi ne haske. Ranar Damagaram tana da ƙarfi, ɗakunanmu kuma, musamman na ƙasa irin na cikin Birni masu kaurin bango da ƙananan tagogi, suna da duhu. Ɗalibi ya zauna ya ba ƙofa ko taga baya don iska ta riƙa bugunsa. Kamarar kwamfuta tana daidaita kanta da wurin da ya fi haske, sai ta rage shigar haske don kada tagar ta yi fari fat, fuskar ɗalibin kuma ta koma inuwa baƙa ƙirin. Shi yana ganin ɗakin da haske, kamara kuwa ba ta ganin idonsa. Maganin ba ya cin ko dala: ka juya teburin, hasken ya zo daga gabanka ko daga gefe kaɗan, bayanka ya zama bango.

Akwai wata gaskiya da ya kamata a faɗa a fili. Waɗannan manhajojin sun fi shan wahala da fata mai duhu. A 2021 an wallafa wani gwaji da aka yi wa tsarin gano fuska da aka ce Proctorio na amfani da shi, aka samu ya kasa gano fuskokin baƙar fata a fiye da rabin hotunan da aka gwada. Wannan aibin manhaja ne, ba na ɗalibi ba, kuma abin takaici ne a ce mu ne za mu riƙa biyan kuɗin gyaransa da fitila. Amma kafin masu ita su gyara, kai ne za ka zauna jarrabawa gobe. Ka ba fuskarka haske fiye da yadda kake jin ana bukata.

Lokacin jarrabawar ma yana da ruwa a ciki. Idan daga Faransa aka tsara ta, ka tuna agogonmu da nasu ɗaya ne daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sauran watannin sun riga mu da awa ɗaya. Jarrabawar da ta fara da la'asar sakaliya za ta iya kai ka magariba, ɗakin da ka gwada da haske ya riƙa duhu a hankali ba ka lura ba, sai gargaɗi ya fara zuwa a tambayoyin ƙarshe. Kunna fitila tun kafin ka fara, ko da rana ba ta faɗi ba.

Bayan haske sai zama. Kwamfutar da aka ɗora a cinya ko a kan tabarma tana kallon haɓa da rufin ɗaki, kuma duk motsin ƙafa yana karkatar da kamarar. Ɗora ta a tebur, ka sa littattafai a ƙarƙashinta har kamarar ta kusa daidai da idonka, ka zauna nisan tsawon hannu, kanka da kafaɗunka duk suna ciki. In an yarda da takardar lissafi, ka ajiye ta kusa da madannai yadda ido kawai za ka saukar, ba kai gaba ɗaya ba.

Ke kuma ƙanwata, hijabi ba ya hana a gano fuska muddin goshi, idanu da haɓa suna bayyane. Abin da ke kawo matsala shi ne idan ya zamo gaba ya yi wa idanu inuwa, ko idan baƙi ne, bangon bayanki ma mai duhu ne, ɗakin kuma babu haske. Mai sa niƙabi ta rubuta wa masu jarrabawar tun da wuri ta nemi tsarin da suke da shi, kada ta bari sai ranar. Haka nan mai rawani. Mai tabarau ya duba ko fitilar na ƙyalli a gilashin har idanu su ɓace, in haka ne ya matsar da ita gefe. Lokacin hunturu kuma, ƙura kan kwanta a idon kamara hoto ya yi hazo, tsumma mai laushi ya wadatar.

Wani lokacin kuma ba fuskar ce ta ɓace ba, kamarar ce ta tsaya. Za ka gane bambancin daga ƙaramin hotonka da ke gefen allo, in tsarin yana nuna shi. Idan kana ganin kanka kana motsi amma da duhu, haske ne. Idan hoton ya daskare ko ya zama baƙi gaba ɗaya, to ko wata manhaja irin Zoom ko Teams ta riƙe kamarar, ko burauza ba ta da izini. A Chrome ana duba izinin ta rubuta wannan a wurin adireshi, kafin jarrabawa ba a cikinta ba:

```
chrome://settings/content/camera
```

Me ake nufi da cewa ka sauya shafi

Wannan ya fi sauƙin fahimta, amma ya fi tsanani a idon masu dubawa, domin ta nan ne mai satar amsa ya fi bi. Burauza da kanta tana sanar da shafi abu biyu. Idan aka ɓoye shi, wato ka koma wani shafin ko ka naɗe tagar manhajar ƙasa, tana aika masa sanarwar da masu rubuta manhaja ke kira `visibilitychange`. Idan kuma yana nan a bayyane amma ka taɓa wani abu a wajensa, tana aika `blur`. Shafin jarrabawa yana sauraron waɗannan, ya rubuta lokacin fitarka da na dawowarka. Idan an tilasta cikakken allo, fita daga cikinsa ma ana rubutawa.

Shafi shi kaɗai bai san inda ka je ba, ya dai san ka fita da tsawon lokacin da ka yi. Amma idan ka girka manhajarsu ko ka ba da izinin ɗaukar allo, suna ganin komai. Ga mai gaskiya wannan alheri ne, don hoton allon zai nuna cewa saƙon batir ne ya faɗo, ba shafin amsoshi ka buɗe ba.

Ba sai ka yi niyya ake rubuta maka fita ba. Kwamfuta mai Windows tana fito da saƙon ƙarancin caji idan batir ya sauka kashi 10 cikin ɗari, in ba a canza saitin ba, kuma rufe shi taɓa waje ne. Kiran WhatsApp da ke shigowa ta kwamfuta, saƙon manhajar kashe ƙwayar cuta, neman sabuntawa, duk suna iya ƙwace allon. Jan yatsu uku a kan faifan taɓawa yana sauya taga ba ka shirya ba. Maɓallin Windows yana zaune tsakanin Ctrl da Alt, yatsa kan faɗa masa. Esc, wanda a madannan Faransanci aka rubuta Échap, yana fitar da kai daga cikakken allo. Akwai kuma tarkon da ya shafe mu musamman: yawancin kwamfutocinmu masu madannan AZERTY ne, inda W ke maƙwabtaka da X a layin ƙasa. Ka je danna Ctrl+X don yanke jimla, yatsa ya zame zuwa Ctrl+W, shafin jarrabawar ya rufe gaba ɗaya. A ranar jarrabawa ka haƙura da gajerun hanyoyin madannai.

Mai rubutawa da waya ya fi kowa shiga wannan. Kira ya shigo ya rufe allo, an rubuta. Allo ya mutu don an daɗe ba a taɓa shi ba, an rubuta. In da hali, ko aro ne, a nemi kwamfuta.

Shirin daren jajibiri

Sake kunna kwamfutar, ka bar ta ta gama duk sabuntawar da take jira, sannan ka dakatar da sabuntawa na mako guda a cikin saiti. Fita daga WhatsApp, Telegram, Zoom da ire-irensu gaba ɗaya, har daga ƙananan alamomin da ke kusa da agogo, don rufe tagarsu kawai ba ya kashe su. Kunna hana damuwa, wanda a Windows 11 na Faransanci sunansa "Ne pas déranger". Cire allo na biyu idan akwai. Cika cajin kwamfuta da na waya da na fitila mai batir.

Sai batun intanet, kuma a nan nake so ka saurare ni da kyau. Idan akwatin wifi na gida da kuran yake aiki, to yankewar wuta za ta tafi da shi. Ya fi maka ka haɗa kwamfutar da rezon wayarka tun daga farko, da forfe mai yalwa domin bidiyo na cin data, ka ajiye wayar nesa da hannunka a inda ƙa'ida ta yarda. Ka kuma hana kira shigo mata, domin a wasu layukan kiran murya na katse data. Fitilar batir ta kasance a kunne a bayan kwamfutar tana haska fuskarka, ko da akwai wuta. In hasken ya yi kaifi, ka haska farin bango ko takarda ya dawo maka a tausashe.

Yi gwajin na'ura da tsarin ya bayar, a ɗakin da za ka zauna, a daidai irin lokacin da za a yi jarrabawar. Ka kuma faɗa wa mutanen gida. Ƙanin da ya leƙo ta bayanka zai jawo wani gargaɗin daban, na fuska fiye da ɗaya, wanda ya fi wuyar bayani.

Yadda abin ke faruwa, minti bayan minti

A ƙaddara wata ɗaliba ce a Zango, tana rubuta jarrabawar minti 90 da ta fara ƙarfe 7 na dare, a watan Afrilu. Ƙwan ɗaki ne ke haska ta, wifi na gida take amfani da shi. Ƙarfe 7 da minti 23 wuta ta ɗauke. Ɗaki ya yi duhu, kwamfutar ta koma batir ta rage hasken allonta, bayan ƴan daƙiƙoƙi saƙon rashin ganin fuska ya fito. Gargaɗi na ɗaya ke nan. Ta miƙe ta lalubo fitila, kujera ta zauna babu kowa na kusan minti ɗaya. Ta dawo ta ga amsarta ba ta shiga ba saboda wifi ya mutu, sai ta danna alamar rezo a ƙasan allo don ta koma kan waya. Gargaɗi na biyu, na barin shafi. Ta ɗauki wayar a gaban kamara don ta kunna rabon data.

Dalili ɗaya ne, kuma ba ta da laifin komai. Amma dubi abin da mai dubawa zai gani a jerinsa: fuska ta ɓace, ɗaliba ta bar wurinta, ta fita daga shafi, ta riƙe waya. Daga cikin huɗun nan, wayar ce ta fi muni, domin gargaɗin manhaja ana iya watsar da shi, amma waya a hannu karya ƙa'ida ce da ido ke gani.

Da fitilar batir na kunne kuma kwamfutar na kan rezon waya tun farko, da ba abin da zai faru sai ɗan canjin haske. To amma a ce ba ta shirya ba, me ya kamata ta yi? Ta zauna a inda take. Ta ƙara hasken allo zuwa ƙarshe da maɓallinsa na kan madannai, wanda yawanci ba ya fitar da mutum daga shafi, domin farin shafin jarrabawa kan haska fuska gwargwado idan an matso. Ta dubi agogo ta riƙe lokacin a ka. Idan ƙa'ida ta yarda da magana, ta kalli kamara ta faɗa a taƙaice, da harshen jarrabawar, cewa wuta ce ta yanke ƙarfe 7 da minti 23, za ta ɗauko fitila kuma za ta canza hanyar intanet. Idan akwai akwatin tattaunawa da mai sa ido a cikin shafin kuma rezo bai tafi ba, nan za ta rubuta, ta jira izini kafin ta tashi. Ta fara faɗa, sannan ta aikata. Bidiyon da ke nuna ɗaliba tana bayani kafin ta motsa, daban yake da wanda ta ɓace a cikinsa ba magana.

Akwai abubuwan da tsoro ke sa a yi, waɗanda ke ƙara dagula lamari. Kada ka ɗauki hoton gargaɗin da waya don hujja, kada kuma ka ɗauki hoton allo, tsare-tsare da yawa suna ƙirga shi a matsayin satar tambayoyi. Kada ka buɗe imel ko WhatsApp don sanar da malami ana cikin jarrabawa. Kada ka sake loda shafin ko ka rufe burauza sai in ƙa'ida ko mai sa ido ya ce ka yi, domin wasu tsarin ba sa barin a sake shiga, agogon kuma sau da yawa yana ci gaba da tafiya. Karanta saƙon har ƙarshe kafin ka danna maɓallin yarda da ke cikinsa, don a nan ne akan rubuta ko saura gargaɗi nawa.

Bayan ka miƙa amsoshi

Kada ka jira a kira ka. A daren nan, ka rubuta gajeren saƙo ga malamin ko sashen tallafi: sunanka da lambarka, sunan jarrabawar, lokacin da abin ya faru da agogon Nijar, kalmomin gargaɗin yadda ka tuna su, abin da ya jawo shi, abin da ka yi, da roƙon a duba bidiyo da hoton allo na waɗannan mintuna. Ɗalibar nan za ta rubuta cewa wuta ta yanke 7 da minti 23, ta tashi ɗaukar fitila kusan minti ɗaya, ta taɓa alamar rezo, ta kuma ɗauki waya don kunna rabon data. Har batun wayar za ta faɗa da kanta, tunda yana cikin bidiyon, kuma ɓoye shi zai sa a yi shakkar sauran maganarta. Kada ka cika saƙon da rantsuwa ko magiya, lokaci da dalili su ne mai dubawa zai iya gwadawa da abin da ke gabansa.

Masu dubawa kan kalli tsawon fitar, da yawan maimaituwarta, da abin da ya biyo baya. Fita ta daƙiƙa biyu sau ɗaya ba ɗaya take da fita ta rabin minti kafin kowace tambaya mai wuya ba, musamman idan dawowa ke da wuya sai doguwar amsa ta bayyana. In duk da haka aka soke sakamakonka ko aka tuhume ka, ka nemi a rubuce a gaya maka minti nawa ne ake magana a kai da ƙa'idar da aka ce ka karya, ka kuma tambayi hanyar ɗaukaka ƙara da wa'adinta, domin wa'adin kan zama gajere. Amsar da malami ya ba ka kafin jarrabawa a kan takardar lissafi ko sutura, da saƙon da ka aika a daren da abin ya faru, su za ka haɗa da takardar ƙorafin.